Wasiƙar Ɗalibin Ajin Ƙarshe Zuwa Ƙungiyar Agaji: Me Zai Rubuta a Kira Shi?

Tun bayan da rikicin Boko Haram ya raba miliyoyin mutane da gidajensu a jihohin Borno, Adamawa da Yobe, Maiduguri ta zama matattarar ƙungiyoyin agaji na gida da na waje. Fararen motocinsu masu tambari a ƙofa sun zama abin da ido ya saba gani a titunan garin, kuma ɗaliban jami'a da ke dab da ajiye alƙalami sun daɗe suna kallon waɗannan ofisoshi a matsayin wurin da za a fara aiki. A Arewa maso Yamma ma haka abin yake, domin Ƙungiyar Likitoci Na Gari Na Kowa, wadda aka fi sani da MSF, tana kula da yara masu tamowa a Katsina, tana kuma aiki a Sakkwato, Zamfara da Jahun ta Jihar Jigawa.

Sai dai ƙofar ta ƙara tsukewa. A watan Janairun 2025 gwamnatin Amurka ta dakatar da mafi yawan tallafin da take bai wa ƙasashen waje, ƙungiyoyi da dama suka rage ma'aikata, wasu suka rufe ayyuka. Ma'aikacin da ya rage a ofis yana ɗauke da aikin mutum biyu. Idan wasiƙar ɗalibi ta faɗo masa a imel, tambayar da ke ransa ɗaya ce: wannan yaro zai rage mini aiki ne, ko zai ƙara mini? Duk wasiƙar da ba ta amsa wannan tambaya a layukanta na farko ba, da wuya a karanta ta har ƙarshe.

Wasiƙar da ake magana a kai ba irin wadda ake haɗawa da takardu ba ce idan an ga tallar gurbin aiki. A can, ƙungiya ce ta faɗi abin da take nema, mai nema kuma ya bi sawu. A nan babu talla. Ɗalibi ne ya ƙwanƙwasa ƙofa da kansa, yana nuna sha'awar a ɗauke shi na 'yan watanni ya koyi makamar aiki. Tunda ba a gayyace shi ba, shi zai faɗi sashen da yake so, aikin da zai iya, da lokacin da zai samu. Wanda ya bar wa mai karatu wannan tunani ya ɗora masa nauyin da ba zai ɗauka ba.

Kafin a kai ga rubutu, sai an san inda wasiƙar ke da amfani. Manyan hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya ba su cika ɗaukar kowa ta hanyar wasiƙar da ba su nema ba. Sakatariyar Majalisar, wadda ofishin daidaita ayyukan jinƙai na OCHA ke ƙarƙashinta, tana tallata gurabenta ne a manhajar Inspira, kuma a can ake cike takardu. Sharaɗinta ya yi wa ɗalibin ajin ƙarshe daidai: tana karɓar wanda ke shekarar ƙarshe ta digirin farko, ko mai karatun gaba da digiri, ko wanda ya riga ya gama. Horon yakan ɗauki wata biyu zuwa shida, kuma ba a biyan albashi. UNICEF da Hukumar Abinci ta Duniya da hukumar kula da 'yan gudun hijira ta UNHCR kowace na da nata shafin da nata sharuɗɗan, kuma sukan ba da ɗan alawus. Shafin ReliefWeb, wanda aka buɗe a 1996 kuma OCHA ke gudanarwa, yana tattara tallace-tallacen ƙungiyoyi da yawa wuri ɗaya. A duk waɗannan, wasiƙar takan shiga ne a matsayin bayanin dalilin nema, a cikin akwatin da aka tanada.

Inda wasiƙar ƙwanƙwasa ƙofa ta fi yin tasiri shi ne ƙananan ƙungiyoyin gida, da reshen jiha na ƙungiyar Red Cross ta Najeriya, da hukumomin ba da agajin gaggawa na jihohi. A irin waɗannan wurare, wanda zai karanta wasiƙar sau da yawa shi ne mai ikon cewa "ka zo ranar Litinin". Ɗalibai kan raina su saboda ba su da manyan motoci, kuma wannan kuskure ne. Da yawa daga cikin aikin da ke kaiwa ga talaka a ƙauye ta hannun ƙungiyoyin gida yake bi, kuma mai koyon aiki a can yakan taɓa komai da hannunsa, daga rajistar masu karɓar kaya har rubuta rahoto.

A ɗauki misalin wata ɗaliba, ba wata takamaimiya ba, da ke ajin ƙarshe a fannin ƙididdiga a wata jami'a a Maiduguri. Tana so ta shiga wata ƙungiyar gida da ke raba tallafin kuɗi ga iyalan da ambaliya ta shafa, bayan ɓallewar madatsar ruwa ta Alau a watan Satumbar 2024. A Najeriya da Turanci za ta rubuta, kamar yadda takwararta a Diffa ko Maraɗi za ta rubuta da Faransanci, amma ga ma'anar abin da ta fara tsarawa:

"Ina matuƙar farin cikin rubuto wa wannan babbar ƙungiya taku mai daraja. Tun ina ƙarama nake da burin taimakon marasa galihu, kuma duk lokacin da na ga halin da 'yan gudun hijira ke ciki sai hawaye su zubo mini. Ni mai ƙwazo ce, mai gaskiya da riƙon amana. A shirye nake in yi kowane irin aiki a ko'ina. Ku taimaka mini don Allah."

Ba ƙarya a ciki, kuma niyyar mai kyau ce. Amma mai karatu ya gama sakin layin bai san me ta karanta ba, bai san me hannunta ya iya ba, bai san yaushe za ta fara ba. Za a iya cire sunan ƙungiyar a sa na wata, wasiƙar ba za ta canza ba, kuma ma'aikatan da suka ga ɗaruruwan irinta suna gane hakan nan take. Tausayi kuwa kowa a ofishin yana da shi. Jimlar "kowane irin aiki a ko'ina" ma tana tayar da hankali maimakon ta burge. Akwai garuruwa irin su Rann da Ngala da Monguno waɗanda ma'aikatan agaji suka daɗe suna shiga da jirgi mai saukar ungulu saboda hatsarin hanya, kuma an kashe ma'aikata a wannan yanki. Ƙungiya mai hankali ba za ta tura ɗaliba mai koyon aiki irin waɗannan wurare ba, kuma wadda ta nuna ba ta damu da hatsari ba tana nuna ba ta san aikin ba tukuna.

Da ta sake zama, sai ta fara da binciken ƙungiyar. Ta karanta rahotonsu na baya-bayan nan, ta gano cewa bayan kowane rabon kuɗi sukan koma gidaje su tambayi waɗanda suka karɓa: kuɗin ya iso cikakke? An nemi wani abu a hannunku kafin a sa sunanku? Me kuka saya da shi? Wannan aikin sashen sa ido da tantance ayyuka ne, kuma aiki ne na tambayoyi da alƙaluma, wato abin da ta shekara huɗu tana karantawa. Ta nemi sunan shugaban sashen, ta rubuta masa kai tsaye da sunansa da muƙaminsa. Sakin layinta na farko ya koma haka:

"Ni ɗalibar ajin ƙarshe ce a fannin ƙididdiga. Ina neman gurbin koyon aiki na wata uku a sashenku na sa ido da tantance ayyuka, daga farkon Satumba zuwa ƙarshen Nuwamba, bayan na gama jarrabawar ƙarshe kuma kafin a kira mu hidimar ƙasa. Na karanta rahotonku kan bibiyar iyalan da suka karɓi tallafin kuɗi bayan ambaliya, kuma a wannan aikin nake ganin zan iya sa hannu."

Jimla uku, amma an san ko ita wace ce, abin da take so, tsawon lokacin, da dalilin da ya sa ta zaɓi wannan ofis. Ambaton hidimar ƙasa ba ƙaramin abu ba ne. Shugaban sashe ya san ɗaliban Najeriya kan ɓace daga ofis rana tsaka idan takardar kira ta fito, bayan an ɓata makonni ana koya musu aiki. Wadda ta faɗi wannan da bakinta ta nuna ta yi lissafi. Idan jadawalin jami'arta na iya gocewa, gara ta faɗa a layi ɗaya da ta yi alkawarin ranar da ba a hannunta take ba.

Sakin layi na biyu shi ne zuciyar wasiƙar, kuma a nan ɗalibai suka fi karaya, suna cewa ba su taɓa aiki ba, me za su rubuta? Amsar tana cikin aikin binciken kammala karatu da kowane ɗan ajin ƙarshe ke fama da shi. Ga yadda ɗalibar ta juya nata:

"A binciken kammala karatuna na tsara tambayoyi 25 a manhajar KoboToolbox, na zagaya gidaje 120 a wata unguwa da ruwa ya ci, na yi hira da masu gidan da Hausa da Kanuri. Da na sauke bayanan a Excel na gano gidaje 9 da aka shigar sau biyu da wasu 6 da amsoshinsu suka saɓa wa juna, na koma na gyara su kafin in fara lissafi. Zan iya taimaka wa sashenku wajen shigar da tambayoyi a waya, tace bayanai, da fassara tambayoyin ga matan da ba sa jin Hausa sosai."

Abin lura shi ne ba ta ce ita mai ƙwazo ba ce, ba ta ce tana da kula ba. Gidaje 9 ɗin nan sun faɗi hakan a madadinta. Duk wanda ya taɓa riƙe jerin sunayen masu karɓar tallafi ya san suna ɗaya da ya fito sau biyu yana nufin wani gida ya karɓi kaso biyu, wani ya koma hannu rabbana, kuma masu ba da kuɗin za su yi tambaya. KoboToolbox kuma ba baƙuwa ba ce a wannan fage: manhaja ce da ƙungiyoyin agaji ke tattara bayanai da ita, tana aiki a wayar hannu ko babu intanet, sai an samu sabis a tura abin da aka cike. Ɗalibin da bai taɓa buɗe ta ba zai iya koyon tsara tambayoyi masu sauƙi a cikinta kafin ya aika wasiƙa.

Maganar harshe ta cancanci a tsaya a kanta, domin ita ce dukiyar da ɗaliban Arewa ke riƙe da ita ba su sani ba. Da yawa suna ɓoye harsunan gida a ƙasan takardar tarihin karatunsu, ko su ƙi ambata su sam, suna ganin Turanci ne kawai abin nunawa. Alhali ƙungiyar Translators without Borders ta yi aiki a Arewa maso Gabas ta nuna cewa yawancin bayanan agaji da Hausa da Turanci ake bayarwa, amma da yawa daga cikin waɗanda rikicin ya shafa, musamman mata da tsofaffi, ba Hausa ce harshensu na farko ba. Mai jin Kanuri, Larabcin Shuwa, Fulatanci, Marghi ko Bura yana da abin da ƙwararren da ya zo daga Abuja ko Nairobi ba shi da shi. Sai dai a faɗi gaskiyar matakin. Jin gaisuwa da cinikin kasuwa daban, iya tambayar tsohuwa abin da iyalinta suka ci jiya a kuma fahimci amsarta daban. Idan an yi ƙari, ranar farko a fili asiri zai tonu.

Wannan tsari bai tsaya ga masu lissafi ba. Ɗalibin fannin abinci mai gina jiki da ya taɓa zama a asibitin sha-ka-tafi zai iya cewa ya auna dantsen yara 'yan wata 6 zuwa 59 da tef ɗin awo mai launi uku, ya san ƙasa da santimita 11.5 ja ne, alamar tamowa mai tsanani, tsakanin 11.5 da 12.5 kuma rawaya. Wadda ta bi gida-gida a rigakafin shan inna ta faɗi zagaye nawa ta yi da yadda ta shawo kan maigidan da ya ƙi fito da yaransa. Wanda ya riƙe ajiyar kayan ƙungiyar ɗalibai ya faɗi yadda yake rubuta shiga da fita. Misali ɗaya ko biyu da aka bayyana sosai sun isa.

Akwai kuma abin da ake gane ɗan gari da shi a wannan fage. Aikin jinƙai yana tafiya ne a kan ƙa'idoji huɗu: mutunta ɗan Adam, rashin ɗaukar ɓangare a rikici, rashin nuna bambanci wajen rabo, da cin gashin kai. Babban Zauren Majalisar Ɗinkin Duniya ya amince da ukun farko a 1991, ya ƙara ta huɗu a 2003. Ba a bukatar ɗalibi ya jero su a wasiƙa kamar mai hadda, amma ana bukatar kada ya taka su. Wanda ya rubuta cewa yana so ya taimaki 'yan addininsa ko 'yan ƙabilarsa, ko ya cika wasiƙa da zagin gwamnati ko yabonta, ya fitar da kansa. Dalilin a fili yake: a watan Satumbar 2019 sojoji sun rufe ofisoshin wasu manyan ƙungiyoyin agaji biyu a Arewa maso Gabas bisa zargi, aka yi makonni kafin a bari su koma aiki. Ƙungiyar da ta san irin wannan tana auna kalaman duk wanda zai rataya katinta a wuya, har da abin da yake wallafawa a Facebook.

Haka nan mutuncin waɗanda ake yi wa aikin. Ɗalibar misalinmu ta so ta haɗa hotunan da ta ɗauka a unguwar da kuma jerin gidajen da ta shiga, don a ga shaidar aikinta. Da ta yi haka da ta rusa wasiƙar da hannunta. Sunaye da lambobin waya da hotunan mutanen da bala'i ya afka wa amana ne, kuma sashen da take nema shi ne mai tsaron irin wannan amana. Abin da ya dace shi ne ta ce za ta iya nuna samfurin tambayoyinta da taƙaitaccen sakamako wanda babu sunan kowa a ciki.

Sakin layi na ƙarshe gajere ne. Ta faɗi abin da take so ta koya, wato yadda ake zaɓar gidajen da za a koma wa da yadda ake rubuta rahoto ga masu ba da kuɗi. Ta faɗi cewa a Maiduguri take zaune, ba ta bukatar masauki. Ta ambaci malamin da ke duba bincikenta a matsayin wanda za a iya tuntuɓa, bayan ta nemi izininsa. Ta roƙi ganawa ta minti goma sha biyar a lokacin da ya dace da shi, ta yi godiya, ta sa suna da lambar waya. Duka wasiƙar ba ta wuce shafi ɗaya ba. Ta mayar da ita PDF don kada tsarinta ya wargaje a wayar mai karatu, ta sa wa fayil ɗin cikakken sunanta, ta haɗa da takardar tarihin karatunta da takardar gabatarwa daga sashenta na jami'a.

Ba ta kawo maganar kuɗi a wasiƙar ba, kuma ta yi daidai. Amma idan aka kira ta, wajibi ne ta tambaya kafin ta amsa: akwai kuɗin mota? Kwana nawa a mako? Wa zai kula da ita? Za a ba ta takardar shaida a ƙarshe? Wata uku ana biyan Keke Napep daga aljihu ba wasa ba ne ga 'yar talaka, kuma gaskiya horon da ba a biya ya fi yi wa 'ya'yan masu hali daɗi, duk da cewa ƙungiyoyin da ke yin sa su ne masu wa'azin adalci. Ba ta kuma ambaci wani kawunta da ke aiki a wata hukuma ba. Abin da ke buɗe ƙofa a wasu ma'aikatu yana iya rufe ta a nan. Sakatariyar Majalisar Ɗinkin Duniya, alal misali, ba ta ɗaukar ɗa ko ɗan'uwan ma'aikacinta na jini a matsayin mai koyon aiki.

Bayan aikawa sai haƙuri. Idan mako biyu ya wuce shiru, tunatarwa ɗaya mai ladabi ta wadatar. Ga ƙungiyar gida, zuwa da kai ya fi saƙo: a kai kwafin wasiƙar ofis, a miƙa wa mai karɓar baƙi, a nemi a buga hatimin karɓa a kwafi na biyu. Idan amsar ta zo cewa babu gurbi, a tambaya ko suna ɗaukar masu tattara bayanai na wucin gadi, domin ƙungiyoyi kan nemi irin waɗannan na 'yan kwanaki duk lokacin da za su yi ƙidaya, kuma daga cikinsu ake tuna wanda ya yi aiki mai tsabta. Rajista a matsayin ɗan sa-kai a reshen Red Cross na jiha ma hanya ce da ke buɗe ga ɗalibi tun kafin ya kai ajin ƙarshe.

Wata amsar kuma takan zo da sauri fiye da kima, ita ce abin tsoro. Saƙo ya shigo ta WhatsApp ko daga adireshin gmail.com mai ɗauke da tambarin wata hukuma, ana taya ɗalibi murnar samun gurbi ba tare da an yi masa ko tambaya ɗaya ba, sai a ce ya tura kuɗin fom, ko na gwajin lafiya, ko na katin shaida, kafin gobe. Adireshin ma'aikatan Sakatariyar Majalisar Ɗinkin Duniya da un.org yake ƙarewa, na UNICEF da unicef.org, kuma Majalisar tana rubutawa a tallace-tallacenta cewa ba ta karɓar kuɗi a kowane mataki na ɗaukar aiki. Ɗalibin da aka nemi ko naira ɗaya a hannunsa, ko ɗalibar da wani ya ce ta same shi a otal don a "duba takardunta", kada su tura, kada su je. Su ajiye saƙon, su kai ƙara ofishin ƙungiyar da aka yi amfani da sunanta.